Harajin da Aka Yanka wa Suna: Abin da Asusun TETFund Ya Koya Mana

 

Za mu fara da abin da ya taɓa aljihun kusan kowa a cikin wannan zaure. Duk wanda ya shigo Birtaniya da bizar karatu a 'yan shekarun nan, kafin a buga masa bizar sai da ya biya kuɗin kula da lafiya na baƙi. Lokacin da aka ƙirƙiro shi a shekarar 2015, ɗalibi fam 150 yake biya a shekara. Daga Fabrairun 2024 ya koma fam 776, kuma ana karɓar na tsawon bizar gaba ɗaya a dunƙule. Mun biya muna gunaguni, amma da yawa daga cikinmu sun rarrashi zuciyarsu da cewa ai kuɗin asibiti ne, an san inda za su tafi. Wannan rarrashin shi ne batunmu na yau. Me ya sa mutum yake samun sauƙin biyan haraji idan an faɗa masa sunan aikin da za a yi da shi? Kuma shin sunan yana tabbatar da aikin?

Asalin tsarin kuɗin gwamnati shi ne a zuba duk abin da aka tara a tukunya ɗaya, wato baitulmali, sannan majalisa ta zauna kowace shekara ta raba a cikin kasafi: wannan na tsaro, wannan na ilimi, wannan na biyan bashi. Keɓaɓɓen haraji shi ne wanda doka ta cire daga wannan rabo, ta ce abin da aka samu daga wannan kafa ba za a kashe shi ba sai a kan aiki kaza. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Zakka tana da nisabinta, tana da adadinta, kuma an ƙayyade mutum takwas da za a ba, ba sarkin da yake da ikon ɗibarta ya gina fada. Sai dai zakka ibada ce, mai karkatar da ita da Mahaliccinsa zai gamu. Harajin gwamnati kuwa dokar mutane ce, majalisar da ta ɗaure shi yau tana iya kwance shi gobe.

A Najeriya babu misalin da ya kai asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda aka fi sani da TETFund. Wanda ya yi karatu a Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Ɗanfodiyo, ko Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikin shekaru ashirin da suka wuce, ya zauna a ɗakin lakca ko ɗakin karatu mai ɗauke da sunan wannan asusu a bangonsa. Wasu daga cikin malaman da ke zaune a nan ma shi ya biya musu kuɗin digirin da ya kawo su ƙasar nan. Saboda haka da gidanmu muke magana.

Asusun ba kyautar gwamnati ba ne, daga yajin aiki ya fito. A shekarar 1992 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ƙarƙashin shugabancin Attahiru Jega, wanda a lokacin malami ne a Jami'ar Bayero, ta shiga dogon yaji da gwamnatin Janar Babangida. Jami'o'i sun lalace bayan shekarun tsuke bakin aljihu, ɗakunan gwaje-gwaje sun zama kufai, malamai suna ta ficewa waje. Gwamnati ta ce babu kuɗi. Malaman suka ce to ga inda za a samo: kamfanonin da ke ɗaukar ɗaliban da jami'a ta yaye su ba da wani abu daga ribarsu. Aka sa hannu kan yarjejeniya a watan Satumba na shekarar, sannan a 1993 aka fitar da dokar soja mai lamba 7, wadda ta ɗora harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanonin da aka yi wa rajista a Najeriya.

Da farko kuɗin na kowane mataki ne, firamare da sakandare da manyan makarantu. Aka ga cewa ana yayyafa su ne kawai, ba inda suke jiƙawa. A 2011 sai aka sake doka, aka taƙaita asusun ga manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi, aka kuma tsara rabon: cikin kowane kashi huɗu, biyu na jami'o'i, ɗaya na kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya na kwalejojin ilimi. Hukumar tara haraji ta tarayya ce ke karɓa, ta zuba a asusun, kwamitin amintattu ya raba. Dokar ta fayyace abin da za a yi da kuɗin: gine-ginen koyarwa, kayan aiki, bincike da wallafa, da horar da malamai. Albashi ba ya ciki. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai wani abu a lissafin harajin da ya kamata masu karatun akanta a cikinmu su lura da shi, domin shi ne ya ba asusun ƙarfi. Ba a kan ribar ƙarshe ake yanke shi ba, wadda ake lissafa harajin kamfani a kanta. Ana yanke shi ne tun a matakin da ya gabace ta, kafin kamfani ya cire rangwamen da doka ta ba shi na injuna da gine-gine, kafin kuma ya cire asarar shekarun baya. Mu ƙaddara wata masana'anta a Sharaɗa ta sami ribar naira biliyan 1 a wannan mataki, amma ta sayi injuna masu tsada, rangwamensu ya cinye mafi yawan ribar. Harajin kamfani da za ta biya zai yi ƙasa ƙwarai. Harajin ilimi kuwa ba ruwansa da wannan: a kashi 2 cikin 100 za ta biya miliyan 20. Da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗaga shi zuwa kashi 2.5 sai ya zama miliyan 25, da ta 2023 ta kai shi kashi 3 ya zama miliyan 30. An ɗaga shi sau biyu cikin shekara biyu, kuma hayaniyar da aka yi ba ta kai ko kusa da wadda ake yi idan an taɓa harajin kayan masarufi ko farashin fetur ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne kamfanoni ke biya, ba talaka kai tsaye ba. Ɗaya ɓangaren kuwa shi ne sunan: da wuya mutum ya fito fili ya ce yana adawa da kuɗin ilimi.

To wannan ita ce hujja ta farko ta masu goyon bayan keɓewa, kuma ba ƙarama ba ce a ƙasar da amana ta yi ƙaranci tsakanin mai mulki da wanda ake mulka. Idan mutane ba su yarda da tukunyar ba, sai a ba su ƙaramar ƙwarya da za su iya leƙawa. Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi a wurinmu. Duk wanda ya san kasafin kuɗin Najeriya ya san cewa abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. Albashi da biyan bashi su ake fara sallama, kuɗin manyan ayyuka su ne na ƙarshe, kuma idan kuɗin shiga ya gaza su ake fara yankewa. Ginin ɗakin gwaje-gwaje ba ya ƙarewa cikin wata goma sha biyu, digirin digirgir kuma shekara uku ne ko huɗu. Shugaban jami'ar da ya dogara da kasafi bai san ko abin da aka fara bana za a sami na ƙarasa shi baɗi ba. Kuɗin asusun kuwa ba sa komawa baitulmali idan shekara ta ƙare, suna nan da sunan makarantar har ta cika sharuɗɗa ta karɓa, kuma kashi-kashi ake sakinsu gwargwadon yadda aiki ya ci gaba. Wannan ne ya sa ake ganin gine-ginen da aka kammala.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun tashi mun sha shayi. Amma masana tattalin arziki da ma'aikatan baitulmali a ko'ina cikin duniya ba sa son keɓaɓɓen haraji, kuma ba mugunta ce ta sa su ba.

Abu na farko da suke cewa shi ne, an ɗaura buƙata a wutsiyar abin da ba ruwansa da ita. Yawan ɗaliban da ke neman gurbin karatu ƙaruwa yake kowace shekara, ribar kamfanoni kuwa hawa take ta sauka. Mu duba abin da kowace jami'a ta samu a rabon shekara-shekara. A 2022 kimanin naira miliyan 643 ne, ƙasa da na shekarar da ta gabace ta, domin ribar da aka yanki harajin a kanta ta zamanin annobar korona ce. A 2023 ya haura zuwa kimanin biliyan 1.15, a 2024 ya kai kimanin biliyan 1.9. Mai kallon lambobin zai ce an ninka sau uku cikin shekara biyu. Amma buƙatar jami'a ba ta ragu a 2022 ba, ba ta kuma ninka uku a 2024 ba. Sannan a auna da dala. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, biliyan 1.15 ya kama kusan dala miliyan 2.5. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta kai wajen naira 1,500 a 2024, sai biliyan 1.9 ya koma ƙasa da dala miliyan 1.3. Na'urar ɗakin gwaje-gwaje da kuɗin makarantar ɗalibin da ke Manchester ba da naira ake biyansu ba. Mun ga sakamakon da idonmu: malaman da aka turo karatu suka shiga ƙunci saboda abin da aka ware musu ya daina isa, kuma daga ƙarshe asusun ya sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga Janairun 2025, yana mai kafa hujja da tsadar canji da kuma waɗanda ke ƙin komawa gida bayan sun gama. Wannan hujja ta biyu da mu take, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka ɗauki nauyinsa da sharaɗin ya koma ya koyar, sannan ya maƙale, ya taimaka wajen rufe ƙofar ga na bayansa.

Abu na biyu shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne ya fi ɓoyuwa. Kuɗi ba su da lamba a goshi. Doka tana iya tilasta cewa nairar da aka karɓa da sunan ilimi ta tafi ilimi, amma ba ta hana gwamnati janye nairar da a da take bayarwa daga kasafi. Mu buga misali, ba da wata jiha muke ba. A ce wata jami'ar jiha tana samun naira biliyan 1 a shekara daga gwamnanta domin manyan ayyuka. Asusun ya zo ya ba ta biliyan 1.1. Wanda ya biya harajin yana zaton yanzu jami'ar tana da biliyan 2.1. Kwamishinan kuɗi kuwa ya duba ya ga an sami mai ɗaukar nauyi, sai ya rage nasa zuwa miliyan 200, sauran miliyan 800 ya kai su wani wuri. Abin da jami'ar ta ƙaru da shi a zahiri miliyan 300 ne. Sauran harajin ilimin ya tafi gina titi ko sayen motoci, ba tare da an karya ko harafi ɗaya na doka ba, kuma mai binciken kuɗi zai duba littafin asusun ya same shi tsaf.

Yaya ake gane haka ta faru? Ba a littafin asusun ake dubawa ba, a kasafin mai makarantar ake dubawa. A ɗauko abin da gwamnatin jiha ko ta tarayya ta saki na manyan ayyuka ga makarantar, abin da ta saki muke cewa ba wanda ta rubuta ba, a jera na shekara goma, a cire tasirin hauhawar farashi, a ajiye shi gefen abin da asusun ya bayar. Idan ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka, to an yi musanya ne. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar takarda: a zagaya harabar makarantar a ƙirga sababbin gine-gine, a ga nawa ne ba su ɗauke da sunan asusun. Waɗanda suka je gida kwanan nan sun san amsar a makarantu da dama. An kafa shi ne domin ya zama ƙari, dokarsa ma da sunan tallafi ta kira aikinsa, amma a wurare da yawa ya zama shi ne uwa shi ne uba. ASUU kanta, wadda ta haifi asusun, ta daɗe tana kukan cewa gwamnoni na buɗe sababbin jami'o'i suna dogaro da shi. Lissafin a bayyane yake: tunda kason jami'o'i rabawa ake tsakaninsu daidai wa daida, kowace sabuwar jami'a da ta shiga layi tana rage rabon tsofaffin, gwamnan da ya buɗe ta ya sami suna, kuɗin ginin kuma ya fito daga kason Zariya da Kano da Sakkwato.

Abu na uku shi ne taurin da ke tattare da ɗaurin. Mun ce albashi ba ya cikin abin da asusun ke biya, haka ma kuɗin gudanarwa na yau da kullum. Saboda haka ana iya samun sabon gini mai hawa uku a makarantar da ta kasa biyan kuɗin lantarki, ko na'ura mai tsada a kulle saboda babu ma'aikacin da zai kula da ita. A 2022 jami'o'in tarayya sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, alhali asusun yana nan da kuɗinsa, ba shi da ikon taɓa abin da ake rigima a kai. 'Yan uwanmu na Birmingham sun san irin wannan. Tun Yunin 2021 motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba tana biyan fam 8 a rana idan ta shiga tsakiyar birnin, kuma doka ta ce rarar kuɗin a harkar sufuri za a kashe ta. A Satumbar 2023 majalisar birnin ta ayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, ta shiga yanke ayyuka, amma waɗancan kuɗin ba ta da damar juya su ta toshe ramin. Mai goyon baya zai ce ai amfanin katangar ke nan. Mai adawa zai ce an hana zaɓaɓɓun wakilai zaɓar abin da ya fi gaggawa. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Kada kuma mu ɗauka katangar ba ta faɗuwa. Ƙasar da muke zaune a cikinta ta gwada wannan tun kafin a haifi kakanninmu. A 1920 aka kafa asusun hanyoyi, aka ce harajin da masu mota ke biya na gina titi ne kawai. Da motoci suka yawaita kuɗin suka taru, sai Winston Churchill, yana ministan kuɗi, ya ɗebi rararsu a 1926 da 1927 ya kai baitulmali. Daga 1937 aka daina keɓewar gaba ɗaya, harajin ya koma tukunyar kowa. Amma har yau a bakin mutanen ƙasar nan harajin hanya ake kiransa, direba yana biya yana jin cewa titin nasa ne. Kusan shekara casa'in ke nan sunan yana aiki bayan alkawarin ya mutu. Na kusa-kusan nan ma, ƙarin kashi 1.25 da aka yi a kan kuɗin inshorar ƙasa a Afrilun 2022 da sunan lafiya da kula da gajiyayyu, an soke shi a Nuwambar shekarar, kuma gwamnati ta ce kasafin lafiya ba zai ragu ba. Idan cire harajin bai rage kasafin ba, to dama ba harajin ne ke yanke yawan kasafin ba. Haka nan fam 776 ɗinmu: gwamnati ta ce hukumar lafiya suke tafiya, ba mu da dalilin musantawa, amma jimillar abin da hukumar za ta samu baitulmali ne ke yanke ta, da namu ko ba namu.

Yanzu mu koma gida, domin a can an yi gwajin da ya fi kowanne kusa da mu. Ganin nasarar harajin ilimi ya sa kowace hukuma ta so nata. Aka ɗora kashi 1 cikin 100 domin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, aka ɗora rubu'in kashi ɗaya domin hukumar kimiyya da injiniya, aka ƙara wani ɗan ƙarami domin asusun 'yan sanda, kowanne da nasa ma'aunin riba da nasa lissafin. Wannan ma illa ce ta keɓewa: tana haihuwa. A Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji. A Arewa hankali ya fi karkata ga rabon harajin kayan masarufi, gwamnoni da sarakuna suka yi ta magana a kai. Amma a cikin ƙudurin akwai sashen da ya haɗe waɗannan ƙananan haraji ya mai da su guda, harajin raya ƙasa, ya kuma tsara cewa TETFund zai riƙa samun kaso har zuwa 2029, daga 2030 kuma ba shi da ko kwabo, duka za su koma asusun ba ɗalibai bashi, NELFUND. Ma'anar wannan ita ce a daina ba makaranta kuɗi kai tsaye, a ba ɗalibi rance ya biya makaranta. ASUU ta tashi tsaye, majalisa ta saurari jama'a, aka cire wa'adin.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, wadda aka sa 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aikinta, ta tsayar da harajin raya ƙasa a kashi 4 cikin 100, ta ba TETFund rabinsa, ta ba asusun bashin ɗalibai kashi 15 cikin 100 na abin da aka tara, ragowar kuma aka raba wa hukumomin fasaha da na tsaro. Aka yi ta murna an ceci asusun. Mu koma wurin masana'antarmu ta Sharaɗa mai ribar biliyan 1. A da miliyan 30 take biya na ilimi, duka na TETFund. Yanzu za ta biya miliyan 40, TETFund ya ɗauki 20, asusun bashi ya ɗauki 6, sauran 14 su tafi wasu wurare. Wato daga kowace riba, kason asusun ya ragu da sulusi, ya koma inda yake kafin 2021. Ko an haɗa da na bashin ɗalibai, abin da ya tafi ilimi miliyan 26 ne a maimakon 30. Mai yiwuwa jimillar naira ta ci gaba da hawa saboda ribar kamfanoni da hauhawar farashi, kuma idan ta hau za a nuna mana ita a ce ba abin da ya ragu. Sai mu tambaya nawa za ta kasance da an bar ta a kashi 3.

Ina muka tsaya ke nan? A ƙasar da majalisa ke bin diddigin kasafi, ake sakin abin da aka rubuta, hujjar ma'aikatan baitulmali ta fi ƙarfi, kuma da mu ma mun bi bayansu. Najeriya ba ta kai nan ba tukuna. Idan aka rushe asusun yau aka mai da kuɗin tukunya, ba mu ga alamar cewa za su fito ta ƙofar ilimi ba, biyan bashi kaɗai ya isa ya lanƙwame su. Don haka muna goyon bayan a bar shi. Amma ba mu yarda a riƙa nuna mana shi a matsayin shaidar cewa ana kula da ilimi ba, kuma ba mu goyon bayan a ci gaba da yanka wa kowace hukuma nata kason, domin duk kason da aka yanke yana rage abin da wakilan jama'a ke da ikon tattaunawa a kai, yana kuma ƙara yawan kwamitocin da ke riƙe da biliyoyi nesa da idon majalisa.

Gyaran da muke ganin ya fi kowanne amfani shi ne a ɗaure ɗaya hannun. A sa a doka cewa gwamnatin da ta rage abin da take saki na manyan ayyuka ga makarantarta ƙasa da matsakaicin shekaru uku da suka wuce, makarantar ba za ta shiga rabon shekarar ba sai an cike. Mun san haɗarin wannan, domin an gwada makamancinsa a hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC, inda sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na tarayya, kuma jihohi da dama sun bar biliyoyi a ajiye shekara da shekaru, yara suka ɗauki hukuncin laifin gwamna. Saboda haka sharaɗin ya fi dacewa da sababbin makarantu: wanda zai buɗe jami'a ya nuna ya ɗauki nauyinta na wasu shekaru da kuɗinsa kafin ta shiga layi. Na biyu, a riƙa ware wani abu a shekarar yalwa domin shekarar fari, yadda rabon ba zai faɗo daga sama kamar na 2022 ba. Na uku, kowane sabon gini ya zo da rubutaccen alkawarin wanda zai biya wutarsa da gyaransa.

Akwai abin da ba sai mun jira majalisa ba. Shugaban kwamitin amintattun asusun tun 2024 shi ne tsohon gwamnan Katsina, Aminu Bello Masari, kuma asusun yana sanar da rabonsa kowace shekara. Jihohinmu ma yanzu suna wallafa kasafinsu da rahoton abin da suka kashe duk wata uku. A cikin wannan zaure akwai masu digiri a akanta da tattalin arziki da kididdiga. Muna ba da shawarar kowane rukuni ya ɗauki jami'ar jiharsa, Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Jigawa, ya jera layi biyu na shekara biyar: abin da asusun ya bayar, da abin da gwamnatin jiha ta saki na manyan ayyuka. Abin da aka samu a kawo shi taronmu na gaba a Birmingham, mu buga shi a wannan mujalla da sunan kowace jiha.

 Shugaban taro, idan da sauran lokaci muna karɓar tambayoyi.